Sebena ya koma kamar takardar kwantiragi, ina gyaran yake?

Laminu: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da abin da nake so a duba mini. Shekara uku na yi ina riƙe da magaza a wani furoje na yaƙi da tamowa can wajen Magarya, daga 2021 zuwa ƙarshen 2023 da kwantiraginmu ya ƙare. Tun daga nan dosiye shida na aika, ko kira ɗaya ban samu ba. Jiya wani abokina ya karanta sebena, wato takardar tarihin aikina, ya yi dariya ya ce wai takardar aikin da aka miƙa mini ranar da aka ɗauke ni ce na kwafe. Da Faransanci yake, amma ga abin da ke ƙarƙashin aikin magazar in an juya shi:

- Kula da shiga da fitar kaya
- Cike katin kaya
- Ƙidayar kaya kowane ƙarshen wata
- Raba kaya zuwa gidajen likita
- Rubuta rahoton wata

To ai aikin da na yi ke nan. Me kuma zan rubuta, ƙarya?

Bashir: Wa alaikumus salam. Matsalar tsari ce kawai. Ka je sibar da ke kusa da Kasuwar Dole, akwai yaro da yake da tsare-tsare masu launi, da gurbin hoto a gefe. Jaka ɗaya zai karɓa ya fitar maka da shi tas.

Laminu: A sibar ɗin aka buga mini shi ai, har da shuɗin layi a gefe. Ba launi ne ya rage ba.

Hajiya Zuwaira: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Na daɗe ina zama a kwamitin tace dosiye, bari in gaya maka yadda abin yake ta ɓangarenmu. An buɗe gurbin magazinye ɗaya, ambulan sun cika kwali. Duk wanda ka buɗe, layukan nan biyar naka ne a ciki, wani lokaci har jerinsu iri ɗaya. Wanda ya riƙe magaza da amana da wanda aka kora saboda kaya sun ɓata a hannunsa, dukkansu suna iya rubuta "kula da shiga da fitar kaya", kuma babu wanda ya yi ƙarya. To ta yaya zan bambance ku? Layin yana gaya mini abin da aka sa ka ne, bai gaya mini abin da ya faru da magazar da ta shigo hannunka ba.

Kada ka taɓa takardar tukuna. Amsa mini wannan: ranar da ka karɓi makulli, me ka tarar ya lalace wanda ranar da ka mayar da makullin ya gyaru?

Ɗan Zongo: Hajiya, a taƙaice dai lamba ake so. Laminu, ka sa kashi-kashi a kowane layi. "Na inganta aikin magaza da kashi 40 cikin 100", "na rage asara da kashi 60 cikin 100". Masu karantawa lamba ce take tsayar da idonsu. Ni haka na yi nawa.

Hajiya Zuwaira: Lamba tana tsayar da ido, wannan gaskiya ne. Amma kashi 40 na me? Da me aka auna "aikin magaza"? Za mu dawo kanka, bari Laminu ya amsa.

Laminu: To Hajiya, da na zauna na yi tunani, abu biyu ne suka fi ci mini tuwo a ƙwarya a farko. Babban kayanmu shi ne abincin tamowa, wannan na gyaɗa da ke cikin ƴan ledoji, leda 150 a kwali. Magazar takan riƙe kwali kusan 1,200. Duk ƙarshen wata in muka ƙidaya, abin da ke ƙasa ba ya daidai da abin da ke kan kati. Wani wata kwali 15 ne babu, wani wata 20. Shef ya ɗauka sata ce, ni ma na fara zargin leburori. Ashe ba haka ba ne. Direbobi ne suke zuwa da sassafe suna gaggawa, a yi musu lodi, a ce takardar fita za a cike in sun dawo. In sun dawo da yamma an gaji, wani ya manta, wani ya rubuta 30 alhali 34 ya ɗauka. Sai na tsaya kai da fata, babu kwalin da zai hau mota sai takarda ta sami sa hannu biyu, nawa da na direba. Na sha zagi. Kuma na daina jiran ƙarshen wata, kowace Alhamis nake ƙidaya, don in an sami gibi mutum yana iya tuna motar da ta fita shekaranjiya, amma ba ya tuna ta mako uku da suka wuce. Wajen wata biyar abin ya sauko zuwa kwali biyu ko uku.

Na biyu kuma kayan da kwanansu ke ƙarewa. In sabon kaya ya zo leburori a bakin ƙofa suke tara shi don sauƙi, tsohon yana can ƙurya. Mai fitarwa kuma na bakin ƙofa yake ɗauka. A 2021 kwali 46 muka tarar a bayan magaza kwanansu ya wuce. Na sayi maka, wato alƙalami mai kaurin baki, na riƙa rubuta watan ƙarewa da manyan baƙaƙe a fuskar kowane kwali, muka kwana biyu muna juya magazar, mai kusa da ƙarewa ya dawo bakin ƙofa. A 2022 biyar suka lalace, a 2023 babu ko ɗaya.

Amma wannan ai labari ne, ba abin sawa a sebe ba.

Hajiya Zuwaira: Subhanallahi. Kana da wannan a ciki ka rubuta mini "cike katin kaya"? Wannan da ka kira labari shi ne sebe ɗin, matse shi kawai za a yi.

Kafin in matse, tambaya ɗaya. Lambobin nan daga ka suke ko daga takarda? Kwali 46 ɗin, da 15 zuwa 20 ɗin.

Laminu: 46 ɗin ina da tabbaci, don ni na rubuta takardar da aka sa wa hannu ranar da aka lalata su. Na gibi kuma ina da kayena da nake rubuta ƙidaya kafin in shigar a Excel. Yanzu na duba wata shida na farko: 15, 20, 17, 21, 16, 19. Jimla 108, in an raba shida ya ba da 18.

Hajiya Zuwaira: Madalla. To ga yadda ni zan rubuta, kai ka mayar da Faransanci:

- Rage gibin ƙidaya daga kwali 18 a wata zuwa 3 cikin wata biyar, ta hanyar hana lodi sai da takardar fita mai sa hannu da kuma ƙidayar mako-mako
- Sake jera magaza bisa ranar ƙarewar kaya: kwali 46 suka lalace a 2021, 5 a 2022, babu ko ɗaya a 2023

Ka lura da abin da ke cikin layin farko. Akwai inda aka tashi, 18. Akwai inda aka isa, 3. Akwai tsawon lokaci. Sannan akwai abin da kai ka yi da hannunka. In ka cire inda aka tashi ka ce "gibin kwali 3 kacal a wata", mai karatu bai san ko wannan ci gaba ne ko koma baya ba, wataƙila da can sifiri ne kai ka ɓata. In ka cire abin da ka yi, zai ce wa ya sani ko direban da ke kawo matsalar ne aka canza. Na ƙarshen nan shi ne mutane suka fi mantawa, kuma ni shi ne ya fi ja mini hankali, don dabarar ita ce zan ɗauke ka ka zo ka yi mini a tawa magazar. Lambar ta magazar Magarya ce, can za ta tsaya.

Kuma na sa 3 ba 2 ba da gangan. Ka ce biyu ko uku, to ka ɗauki wadda ba ta fi yi maka kyau ba. Babu wanda zai kama ka da laifin rage wa kanka.

Ɗan Zongo: To Hajiya ai maganata ce ta fito. Daga 18 zuwa 3, a Excel:

```
=(18-3)/18
```

Ya ba da 0,83. Ya rubuta "na rage gibi da kashi 83 cikin 100", ya fi armashi, ya fi gajarta.

Hajiya Zuwaira: Lissafinka daidai ne, kuma wannan kashi 83 ɗin yana da uwa da uba, ba kamar kashi 40 ɗinka na ɗazu da ya faɗo daga sama ba. Duk da haka ni 18 zuwa 3 na fi so. Wanda ya tashi daga kwali 6 zuwa 1 shi ma kashi 83 ya rage, wanda ya tashi daga 600 zuwa 100 shi ma haka. Kashi yana ɓoye girman abin. Mai ɗaukar magazinye ya san nauyin kwali, yana ganin 18 zai ga tsibin a idonsa. In akwai wuri ka sa duka biyun, in babu ka bar kwalayen.

Kai kuma Ɗan Zongo, wannan naka da ka ce ka yi, in aka zaunar da kai aka ce kashi 40 ɗin nan yaya ka auna, me za ka ce?

Ɗan Zongo: Ba a taɓa tambayata ba.

Hajiya Zuwaira: Ni ina tambaya. Layin da ya fi ƙyalli a sebe shi nake fara ɗauka a hira in ce ba ni labarinsa. Mai gaskiya sai ka tsayar da shi, kamar yadda Laminu ya zubo mana ɗazu har da maka da ranar Alhamis. Wanda ya ƙirƙira kuwa, tambaya ta biyu yake fara kallon silin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma daga nan sauran layukansa na gaskiya ma sun mutu a idona.

Baba Ilu: Ni dai abin nan bai kwanta mini ba. Mu da muka yi aikin gwamnati shekara talatin, mutum ba ya cewa na yi kaza na gyara kaza. Shugabanka ne yake faɗa. Yabon kai jahilci ne, haka muka taso muka ji. Yaro ya rubuta aikinsa, ya haɗa da takardar shaida, in rabonsa ne zai samu.

Hajiya Zuwaira: Baba, Allah ya ƙara girma. A wajen kwankur na gwamnati maganarku tana nan daram, can diplom da takardar haihuwa da jarrabawa ake dubawa, babu ruwan kowa da layin sebe. Amma furoje da kamfani ba haka suke ɗauka ba, kuma shef ɗin Laminu ba ya cikin ambulan ɗin da zai yi masa magana. Takardar shaidar aiki kuwa, yawanci suna da muƙami da kwanan wata kawai take ɗauke da su.

Sannan ku duba layin da kyau, Baba. Yabon kai shi ne mutum ya ce "ni haziƙi ne, mai ƙwazo, mai amana", irin kalmomin da yara ke jerawa a saman sebe, su kam ni ma gogewa nake cewa a yi. Amma "kwali 46 a 2021, babu ko ɗaya a 2023" babu kirari a ciki, ƙidaya ce. Faransanci ma ya sauƙaƙa mana, don a sebe da sunan aiki ake fara layi, ragewa, kafawa, sake jerawa, mutum ba sai ya ce "ni" ba.

Baba Ilu: To, in ƙidaya ce na yarda da rabi. Amma leburorin da suka kwana biyu suna ɗaga kwali fa, ina sunansu?

Laminu: Baba kun taɓo gaskiya. Su biyu ne, da ba su ba da ban iya ba.

Hajiya, akwai na uku da na tuna. Gidajen likita tara muke kai wa kaya. A 2022 sau 14 aka kira mu cewa kaya sun yanke a wani wuri, a 2023 sau 4 kacal. In sa "rage yankewar kaya daga 14 zuwa 4"?

Majo Salisu: A nan kam sai na tsoma baki, don ni a ɗaya ƙarshen igiyar nake, shekara da shekaru ina gidan likita na ƙauye a yankin Matamai. Laminu, yankewar kaya ba a hannun magazinye kaɗai take ba. In babbar mota ba ta taso daga Yamai ko daga Damagaram ba, ko kai waye babu abin da za ka raba. In majo bai aiko da buƙatarsa a kan lokaci ba, nan ma haka. Kuma shekaru ba ɗaya ba ne, shekarar da hatsi ya yi tsada yara sun fi zuwa, daga Yuni zuwa Satumba sai ka ga kayan wata guda sun ƙare a mako biyu. To wa ya san ko 2023 ɗinku shekara ce mai sauƙi kawai? Wanda ya san aikin in ya karanta layin nan zai ce yaron nan yana cin gumin wasu.

Laminu: Gaskiya ne Majo, a 2023 kaya sun riƙa zuwa a kan kari fiye da 2022. Amma ni ma na yi wani abu. Akwai gidajen likita uku da hanyarsu ke yankewa in ruwa ya sauka. Ni na kai wa shef shawara a kai musu kayan wata biyu tun cikin Yuni kafin hanya ta ɓaci, ya yarda. A 2022 ukun nan su suka fi kira, a damanar 2023 babu wanda ya kira a cikinsu.

Majo Salisu: To wannan naka ne. Rubuta wannan, ka bar 14 da 4.

Hajiya Zuwaira: Majo ya yi mini aikina. Ka yanka layin daidai inda hannunka ya tsaya:

- Ba da shawara da tsara kai kayan wata biyu kafin damana ga gidajen likita 3 masu wuyar hanya. Babu yankewa a cikinsu a damanar 2023

Lambar ta fi ƙanƙanta amma babu mai ƙwace maka ita. 14 zuwa 4 ka ajiye a baki, in an tambaye ka a hira ka ce mu a furoje mun samu haka, nawa kason shi ne kaza.

Batun leburorin Baba kuma yana da wuri. Ƙarƙashin sunan muƙami, kafin layukan nan uku, ka sa jimla ɗaya mai nuna girman abin da ka riƙe: magazar abincin tamowa mai kwali kusan 1,200, gidajen likita 9, leburori 2, katin kaya da ƙidaya da rahoton wata a Excel. Ka ga tsofaffin layukanka biyar ba a zubar da su ba, an dunƙule su ne a wuri ɗaya. Kada ka cire su gaba ɗaya, don sanarwar aiki, ko wadda aka liƙa a ANPE, hukumar samar da aikin yi, ko ta intanet, tana da kalmominta, kuma mai tacewar farko sau da yawa da sanarwar a hannu yake bi yana neman su. In an ce ana son wanda ya iya ƙidaya da Excel bai ga kalmomin ba, zai ajiye ka gefe kafin ya kai ga kwali 46.

Mushe Habu: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni lissafi nake koyarwa a wata lakwal mai zaman kanta a Sabon Gari. Shekarar da na zo, ajin da ke zana Bepese yara 12 cikin 40 suka ci. Shekara ta biyu 22 cikin 44. Na rubuta "ƙara yawan masu cin jarrabawa da kashi 20 cikin 100". Ya yi?

Ɗan Zongo: Mushe, kai da kake malamin lissafi! Daga kashi 30 zuwa kashi 50 ai maki 20 ne aka ƙara, ba kashi 20 ba. In ƙaruwar kake so, 20 bisa 30 ne, wajen kashi 67. Ka cuci kanka.

Mushe Habu: Kai, wallahi ka kama ni. Kada ɗalibaina su gani.

Hajiya Zuwaira: Ka ga abin da ya sa nake cewa a rubuta ɗanyen lamba. "Daga 12 cikin 40 zuwa 22 cikin 44", babu mai ruɗewa. Amma Mushe, maganar Majo ta shafe ka. Bepese ba lissafi kaɗai ake zanawa ba, akwai malamin Faransanci da sauran su. In kana da makin lissafi na jarrabawar gwaji, shi ne naka. Kuma me ka yi daban? Darasin Asabar ka ƙara, ko tsofaffin tambayoyi kuka riƙa bi?

Mushe Habu: Darasin Asabar ne, wata huɗu kafin jarrabawa. Sai dai shekara ta uku mun sauko 17 cikin 43, ga shi darasin Asabar ɗin bai tsaya ba. Ita ban sa ba.

Majo Salisu: To ka ga. In dabarar tana nan sakamako ya sauko, anya dabarar ce ta ɗaga shi tun farko? Ni a ganina ko ka sa duka ukun ko ka bar su.

Ɗan Zongo: Haba Majo, sebe ba ikirarin zunubi ba ne. Wa yake kai ruɓaɓɓen tumatir saman kwando? Ya sa mai kyau, bai yi ƙarya ba.

Hajiya Zuwaira: Nan kam ban da hukunci ɗaya. Ya sa shekarun a fili, kada ya rubuta kamar haka abin yake kullum. 17 cikin 43 ma ai ya fi inda ya tarar. Ni da zan rubuta "12 cikin 40 kafin darasin Asabar, 22 cikin 44 da 17 cikin 43 bayansa". Amma na san abokan aikina da za su ce ya tsawaita, ya bar ta ukun sai an tambaya.

Rakiya: Anti Zuwaira, mu fa da ba mu da kwali ba mu da ɗalibai? Sakatariya ce ni shekara huɗu a wani buro. Buga wasiƙa, karɓar baƙi, ɗaga waya. Me zan ƙidaya, yawan sallama?

Hajiya Zuwaira: Kada ki ƙidaya sallama ƴata, kuma kada ki rubuta "buga wasiƙu sama da 500", wannan aikin ne dai aka rataya masa lamba, bai zama sakamako ba. Tambayar da na yi wa Laminu ita zan yi miki. Me kika tarar a hargitse? Ko kuma, me kika kafa wanda in kin tafi gobe za a ci gaba da amfani da shi? Ko me aka fara ba ki daga baya wanda da farko ba a yarda a ba ki ba?

Rakiya: Wasiƙun da ke shigowa a cikin kwali ɗaya ake zuba su. In darakta ya nemi wata, sai mu wuni muna tonawa, wata ma ba a gani. Na sayo babban kaye na riƙa ba kowace lamba da kwanan wata da sunan wanda aka miƙa wa, na jera su wata-wata. Yanzu kafin ya gama shan shayi na kawo. Ban taɓa duba agogo ba dai. Kuma tun shekara ta biyu ni ke riƙe da ƙaramin asusun buro, ni na koya wa ƴan istaj biyu aikin.

Hajiya Zuwaira: To kada ki ƙirƙiro mintoci. "Kafa rajistar wasiƙu mai lamba da kwanan wata, inda da babu, buro yana aiki da ita har yau." Layi ne cikakke ba tare da kashi ko ɗaya ba. Na biyu: "An damƙa mini ƙaramin asusun buro daga shekara ta biyu." In ba a taɓa samun gibi ba kuma kwantabul zai shaida, ki ƙara. Amana da aka ƙara wa mutum ita ma sakamako ce, don wani ne ya duba aikinki ya yanke hukunci.

Nura Kwantabul: Ban so in ɓata muku biki, amma akwai abin da ba a taɓo ba. Yawancin kwantiragin furoje akwai sharaɗin riƙe sirri. Laminu zai rubuta sunan ma'aikatar, a ƙasa ya ce kwali 46 sun lalace a 2021. Sau 150, leda 6,900 ke nan na abincin yara. Takardar nan za ta zaga burori, wataƙila har ta faɗa hannun masu ba su kuɗi. Ya tona asirin gidan da ya ci abinci. Ni in na ga haka zan ce gobe nawa zai tona.

Ɗan Zongo: Shi ya sa na ce kashi! Kashi ba ya tona komai.

Hajiya Zuwaira: Yau dai Ɗan Zongo sai ya ci nasara ko ta halin ƙaƙa. Nura, maganarka tana da nauyi. A kuɗi ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kada kowa ya sa adadin kuɗin ma'aikata a sebe, kuma kada Laminu ya kuskura ya haɗa hoton takardar lalata kaya ko rahoton wata a dosiye, waɗannan ba nasa ba ne. A kwalaye kuwa ni ban ga sirri mai yawa ba, duk wanda ya yi aikin magaza ya san kaya suna lalacewa. Amma in sharaɗin yana cikin kwantiraginsa, ana iya juya layin: "Sake jera magaza bisa ranar ƙarewar kaya, asarar kaya ta sauko shekara biyu a jere har ta kai sifiri a 2023." An rasa inda aka tashi, layin ya rage ƙarfi, amma bai fallasa kowa ba.

Nura Kwantabul: Wannan ya fi mini. Na gibin ma haka zan so a yi.

Majo Salisu: In aka cire 18 ɗin kuma me ya rage? Mun koma "inganta ƙidaya" ke nan, inda muka fito.

Laminu: Na ɗauko kwantiragin yanzu. Akwai sharaɗin, amma bayanan marasa lafiya da na kuɗi ya ambata, sai wata jimla mai cewa "da sauran takardun cikin gida". Ban san ko ƙidayar magaza ta shiga nan ba. Tsohon shef ɗina yana nan Karkada, dama shi na sa a masu ba da shaida. Bayan la'asar zan je in karanta masa layukan uku, in ji ko ya yarda da lambobin da kuma ko ya ga laifi a fitar da su.

Hajiya Zuwaira: Ka tafi da kayen. In ya ce shi 20 yake tunawa ba 18 ba, ku buɗe shafin tare, don in aka kira shi a waya lambarsa da taka su zo ɗaya.

Bashir: To hoton fuska a sebe fa, a bar shi ko a cire?